Aiki Ya Tsaya a Hannun Mai Shi: Yadda Maɗaba'a Ke Neman Abin da Ya Rage Tare da Wa'adi

A sana'ar ɗab'i akwai wani tsaiko da ba ya da alaƙa da lalacewar inji ko ɗaukewar wuta. Takarda tana ajiye, tawada ta wadata, ma'aikata suna nan, amma aiki ba ya motsi, domin wani abu da ba wanda zai iya bayarwa sai mai aikin bai iso ba. Wani lokaci jerin sunaye ne, wani lokaci hoto, wani lokaci kuma kalma ɗaya ce tak, wato mai aikin ya duba samfur ya ce a buga. Tela da magini da akawu duk sun san irin wannan jira, sai dai a maɗaba'a ya fi tsanani saboda dalili biyu. Yawancin abin da ake kaiwa bugu yana ɗaure da ranar da ba ta gusawa, kamar ɗaurin aure ko walimar saukar karatu ko bikin yaye ɗalibai. Sannan abin da aka buga ya bugu, ba a warware shi kamar ɗinki. Littafin shirin biki da ya iso bayan an watse ba shi da sauran amfani, haka ma wanda ya iso a kan kari da sunan babban baƙo a karkace.

Abubuwan da ke riƙe aiki iri biyu ne, kuma yana da kyau a raba su tun farko. Akwai kayan aikin da ba a kawo ba, kamar rubutu da hotuna da tambari da adadin kwafi. Akwai kuma amincewa, wato hukuncin da mai aikin ne kaɗai ke da ikon yankewa: wannan rubutun ya yi daidai, wannan farashin an yarda da shi, a ci gaba. Kayan aiki kowa a gidan mai aikin zai iya turowa, ko sakatare ko ɗan aike. Amincewa kuwa sai daga wanda in an yi kuskure shi zai ɗauki asarar. Yawan rigimar da ake yi a bakin maɗaba'a daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa.

A ɗauki misalin wata makarantar kuɗi da za ta yaye ɗalibai ranar Asabar 26 ga wata. Ta ba maɗaba'a aikin littafin biki mai girman A5, wato rabin farar takardar ofis, shafi 32 ban da bango, kwafi 500, cikin baƙi da fari, bangon kuma mai launi da leda a kansa. Ranar Litinin 14 ga wata mai tsara shafuka ya zauna gaban kwamfuta ya zuba abin da aka kawo, sai ya tarar da giɓi huɗu. Babu jawabin mai makarantar, wanda aka ware wa shafi biyu. Jerin ɗaliban aji ɗaya ya zo da rubutun hannu, an ɗauki hotonsa da waya, sunaye shida ba sa karantuwa. Hoton babban baƙo ya zo ƙarami, a dushe. Sannan an rubuta sunan shugaban taro iri biyu, a takardar gayyata da Dakta, a jerin shirye-shirye da Farfesa.

Mataki na farko shi ne a gama binciken aikin gaba ɗaya kafin a ɗaga waya. Mai ɗab'in da ya kira yau ya nemi jawabi, gobe ya kira ya nemi hoto, jibi ya tuna da sunaye, yana koya wa kwastoma cewa kiransa ba shi da nauyi, kuma a kira na huɗu ba za a ɗauka ba. Don haka ake bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, a rubuta duk abin da ya rage a takarda guda, sannan a tantance wanda ke tsayar da aiki da gaske. Ba kowane giɓi ne ke tsayarwa ba. Idan ba a faɗi launin rubutun bango ba, mai tsarawa zai iya ɗaukar launin tambarin makarantar ya nuna a samfur, in bai yi ba a canza. Amma ba zai iya ƙirƙiro jawabin mai makaranta ba, kuma bai halatta ya yi hasashen ko yarinyar nan sunanta Rukayya ko Rakiya ba. Abin da ke shiga saƙon neman bayani shi ne wanda babu wata hanyar samunsa sai daga bakin mai aikin. Sauran a bar su zuwa ranar duba samfur.

Daga nan sai wa'adi, kuma nan ne mafi yawan masu sana'a ke sakaci. Kalmomi irin su “da wuri” da “cikin gaggawa” da “kafin lokaci ya ƙure” ba su nuna wa kowa rana. Mai makaranta da ke fama da hayar rumfa da kujeru da abincin baƙi za ta fassara “da wuri” da “in na samu sarari”. Ita ranar 26 take kallo, kuma a lissafinta saura kwana goma sha biyu, lokaci mai yawa. Ba ta san cewa mafi yawan kwanakin nan injuna da hannaye sun riga sun cinye su ba. Aikin mai ɗab'i ne ya fito da wannan lissafi fili, kuma ana yinsa ne ta hanyar ƙirgawa da baya daga ranar biki.

Ga yadda ƙirgar take a wannan misali. Littattafan ya kamata su isa makaranta ranar Juma'a 25 kafin a tafi masallaci, domin ranar Asabar da safe babu mai sukunin ƙirga kwali. Alhamis 24 ana barinta fayau a matsayin ranar ko-ta-kwana, saboda janareto na iya ƙin tashi, inji na iya cin takarda, wani ma'aikaci na iya wayar gari da rasuwa a gidansu. Laraba 23 ta sa leda a bango ce, da ninke takardu, da harhaɗa su bi da bi, da ɗinke tsakiya da waya, da datse gefuna. Talata 22 ta bugu ce, a bar tawadar ta kwana ta bushe, don bangon da aka sa wa leda ko aka danne da ɗanyar tawada yakan ɓaci. Kafin bugu sai an fitar da farantan bugu, waɗanda ake ɗaura wa inji su ɗauki tawada, kuma wannan aikin yammacin Litinin 21 ne. Ke nan dole sa hannun mai makaranta ya iso ranar Litinin kafin ƙarfe 12 na rana. Kafin ta sa hannu tana bukatar ta karanta samfur a natse, don haka samfur zai isa gare ta ranar Asabar 19 da safe. Kafin samfur ya fita kuma mai tsarawa na bukatar yinin Juma'a 18, wanda guntun yini ne, ya zuba abin da ya rage. Saboda haka jawabi da sunaye da hoto su iso ranar Alhamis 17 kafin ƙarfe 4 na yamma.

Kwana goma sha biyun da mai makaranta ke gani sun koma kwana uku. Kuma wa'adin ya zama biyu, ɗaya na kawo kaya, ɗaya na amincewa, kowanne da rana da sa'a. Sa'ar tana da muhimmanci, domin “ranar Alhamis” a wurin mutane da yawa tana kaiwa har bayan sallar isha'i, lokacin da an daɗe da rufe shago. Wa'adin da aka samo ta wannan hanya yana da ƙarfi domin ana iya kare shi. In aka tambaya me ya sa Alhamis, akwai amsa da ta fi “haka muke yi”. Wasu masu sana'a sukan matso da wa'adi kwana uku ko huɗu a ɓoye don su tsorata kwastoma. Dabarar takan ci sau ɗaya. Ranar da kwastoma ya makara da kwana biyu ya ga aiki ya fito lafiya, ya gane wa'adin na baki ne, kuma a aiki na gaba ba zai girmama ko na gaskiya ba. Rarar kwana ɗaya da aka sani an ware don matsalar shago daban take da wannan, kuma ba laifi a faɗe ta.

Sai tambayar wa za a aika wa. A makaranta irin wannan sau da yawa wanda ya kawo aikin malami ne da aka ɗora wa kwamitin biki. Shi ne lambarsa ke hannun maɗaba'a, shi ne mai sauƙin samu, amma ba shi da ikon cewa jawabin mai makaranta ya yi. Idan aka tura masa saƙo shi kaɗai, zai riƙe shi yana jiran lokacin da ya dace ya tunkari uwar ɗakinsa, kuma wannan lokacin na iya kaiwa kwana uku. Shi ya sa ake tambaya tun ranar karɓar aiki, a gaban kowa, wane ne zai sa hannu a samfurin ƙarshe, a rubuta sunansa da lambarsa a takardar aiki. Mutum ɗaya ake so. Kwamiti na iya zama ya duba, amma maganarsa ta fito ta baki ɗaya. In ba haka ba, mataimakin shugaban makaranta zai turo gyara da safe, malamin Larabci ya turo wani da rana da ya saɓa wa na farko, mai tsarawa ya rasa na wa zai bi. Tsallake malamin da ya kawo aiki a tafi kai tsaye wurin mai makaranta yana iya zama cin fuska, don haka hanyar da ta fi lafiya ita ce a aika wa mai ikon sa hannu, a kuma sanar da malamin cewa an aika, a roƙe shi ya taimaka wajen tattaro abin da ke hannunsa.

Shi kansa saƙon gajere ake so, wanda za a karanta a waya a tsaye. Ga irin wanda ya dace da wannan misali:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya shirye-shiryen biki? Allah ya kai mu lafiya. Littafin yaye ɗalibai mun tsara shafi 28 daga cikin 32. Abu huɗu ne suka rage, kuma sai da su za mu iya fitar da samfur. Na ɗaya, jawabinki na shafi na 3 da na 4, kada ya wuce kalma 500. Na biyu, sunaye shida da muka zagaye da ja a hoton da ke biye, a buga mana su a rubuce. Na uku, asalin hoton babban baƙo, a turo shi ta Document a WhatsApp. Na huɗu, shugaban taro Dakta za a sa ko Farfesa? Muna roƙon su iso kafin ƙarfe 4 na yammacin Alhamis 17 ga wata, don samfur ya same ki ranar Asabar, ki sa hannu kafin ƙarfe 12 na ranar Litinin 21. Da haka ne littattafan za su iso makaranta ranar Juma'a 25. Idan suka wuce Alhamis ba za mu iya ɗaukar alkawarin Juma'a a kan wannan farashin ba. Na gode, ranki ya daɗe.”

Gaisuwa tana nan, domin saƙon da ya faɗo wa babba babu sallama an riga an ɓata shi, amma layi ɗaya ce, ba ta binne bukatar ba. An fara da abin da aka gama, don Hajiya ta ga shagon bai kwanta ba, saura kaɗan ne, kuma sauran a hannunta yake. Kowace bukata an faɗi siffar da ake son ta zo da ita. Tambaya ta huɗu an yi ta yadda kalma ɗaya za ta amsa ta. Da an rubuta “a duba mana sunan shugaban taro”, da sai Hajiya ta nemo takardun biyu ta gano inda matsalar take, abin da ba za ta yi ba a makon biki. Duk inda za a iya mayar da tambaya ta zama zaɓi tsakanin abu biyu, amsa takan zo a cikin minti kaɗan.

Iyakar kalma 500 da aka sa wa jawabi tana da dalili na sana'a. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya da waya shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, domin kowace takarda da aka ninke biyu tana ba da shafi huɗu. Idan jawabi ya zarce ya ci shafi na uku, littafin ba zai zama shafi 33 ba, sai dai 36, ko kuma a cire wani abu. Sannan a kan faranti ba a jere shafuka suke ba. Shafi na 1 yana maƙwabtaka da na 32, na 2 da na 31, haka har tsakiya. Ƙarin shafi a gaba yana ture duk jerin, kuma yana ƙara takarda da faranti da kuɗi. Kwastoma bai san wannan ba, ba a kuma sa ran ya sani, shi ya sa ake faɗa masa iyaka tun kafin ya zauna rubutu.

Haka batun hoto. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoton da zai cika faɗin shafin A5 yana bukatar ɗigo wajen 1,750 a faɗinsa. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba a WhatsApp ana matse shi, in kuma ya bi ta wayoyi uku ko an ɗauko shi daga fuskar waya, sai ya ƙara lalacewa. A waya yana da kyau, a takarda fuska takan fito dishi-dishi. Cewa “a turo hoto mai kyau” ba ya magance komai, don a idon mai turowa wanda ya turo ɗin mai kyau ne. Abin da ke aiki shi ne a ce a nemo wanda ya ɗauki hoton, ya turo na asali ta Document. Su kuma sunaye ana neman su a rubuce ne saboda saƙon murya ba ya bambance Hassan da Hasan, ko Muhammad da Mohammed, kuma iyaye suna lura da yadda aka rubuta sunan ɗansu fiye da komai a littafin.

Jimlar da ta fi wuyar rubutawa ita ce ta ƙarshe, wadda ke faɗin abin da zai biyo baya in wa'adi ya wuce. Kunya takan hana. Mai ɗab'i matashi yana ganin bai kamata ya gindaya wa Hajiya ko Alhaji sharaɗi ba, ga shi yana son aikin baɗi. Sai ya yi shiru, ya ce Allah ya sa su turo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da ta hana shi magana ranar Litinin ita za ta tsayar da shi ranar Asabar da safe yana ba da haƙuri a gaban iyayen yara, kuma a ranar babu mai tuna cewa jawabi ne ya makara, maɗaba'a za a ce ta saɓa alkawari. Faɗin sakamako ba rashin ladabi ba ne muddin an jingina shi ga aikin. “Ba za mu iya ɗaukar alkawarin Juma'a ba” bayani ne a kan inji da kwanaki. “Kun riƙe mana aiki” kuwa zargi ne, kuma mai jin sa zai fara kare kansa maimakon ya nemo hoto. Sharaɗi ɗaya ne a nan: kada a faɗi sakamakon da ba za a aiwatar ba.

Saƙo ɗaya ba ya isa, kuma bin sawu yana da tsari. Bayan an tura rubutu ranar Litinin, kiran waya na minti ɗaya yana biyo baya don a tabbatar an gani, domin mutane da yawa sun fi ɗaukar magana da muhimmanci idan sun ji murya. Rubutun shi ne shaida, kiran shi ne ke motsa mutum. Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin wa'adi, sai tuni, kuma tunin ya ambaci abin da ya rage kawai: an samu sunaye da amsar Farfesa, an gode, saura jawabi da hoto, gobe ƙarfe 4. Idan Alhamis ta yi tsaka babu labari, a tashi yaro ko mai shagon da kansa ya je makarantar. Sau da yawa a nan ake gano ainihin abin da ya riƙe aikin. Wataƙila Hajiya ba ta rubuta jawabin ba domin rubutu yana yi mata nauyi, ba ta kuma son faɗa. Mai ɗab'in da ya san aikinsa zai kawo mafita: ga jawabin bara a canza abin da ya canza, ko ta faɗa da baki wani malami ya rubuta ta duba. Sauƙaƙa wa mutum abin da ake nema a wurinsa ya fi yawan tuni amfani.

Akwai alamun da ke nuna aiki na shirin faɗawa rami tun wa'adi bai cika ba. Ɗaya ita ce amsar “za a turo” da ba ta ambaci wanda zai turo ba. Maganinta a tambaya cikin ladabi wa za a tuntuɓa, a karɓi lambarsa. Wadda ta fi haɗari ita ce “ai ka ci gaba kawai, mun yarda da kai”. Magana ce mai daɗin ji, amma ma'anarta ba a karanta samfur ba, kuma yardar takan ƙare ranar da aka ga kuskure.

Wannan ya kawo batun amincewa, wadda ta fi kawo kaya nauyi. Samfurin da za a aika ya zama cikakke, a matsayin PDF ko kuma a buga kwafi ɗaya a takarda, kuma takarda ta fi, don ido ya fi kama kuskure a kanta, ga wurin sa hannu. A rubuta lamba da rana a kowane samfur, na ɗaya, na biyu, saboda kada Hajiya ta amince da na ranar Asabar alhali shago yana aiki da wanda aka gyara ranar Lahadi. Kuma a nuna mata inda za ta zuba ido. Mutumin da aka miƙa wa shafi 32 aka ce ya duba zai kalli hotuna da launi ya ce ya yi kyau. Gara a ce ta karanta sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tare da rajistar aji, ta duba muƙamai da sarautun manyan baƙi da jerin da aka bi wajen ambatonsu, ta duba rana da lokaci da lambobin waya. Idan akwai kwanan watan Musulunci a tabbatar da shi, tun da farkon wata ya danganta da ganin jinjirin wata, kalandar bango na iya saɓawa da kwana ɗaya. Idan akwai aya ko addu'a da Larabci malami ya karanta ta a samfurin kansa, domin wasu manhajojin tsara shafi suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su. Haruffa masu lanƙwasa na Hausa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma sukan ɓace ko su koma akwati idan salon rubutun da aka zaɓa ba ya ɗauke da su.

Amincewar kanta a same ta a rubuce: sa hannu da kwanan wata a kan samfur, ko saƙo mai cewa “Na duba samfur na 2, a buga.” Alamar babban yatsa ko “to madalla” ba su wadatar ba, don gobe ana iya cewa gaisuwa aka amsa. Dalilin wannan tsanani yana cikin lissafin asara. A injin da ke ɗaukar takardar A3, kowane faranti yana ɗauke da shafi huɗu na wannan littafi, cikinsa duka faranti takwas ke nan. Kuskuren suna ɗaya da aka gano a samfur gyaran minti ɗaya ne. In an gano shi bayan an fitar da faranti, sabon faranti ne. In an gano shi bayan bugu, takarda 500 ce za a zubar a sake bugawa gaba da baya. In kuma a bango yake, inda launi huɗu ke hawa ɗaya bayan ɗaya, ga leda an riga an sa, asarar ta ninka, kuma babu sauran kwanakin da za a sake.

Wasu shaguna sukan rubuta cewa in ba su ji komai ba zuwa lokaci kaza za su ɗauka an amince. Wannan yana da wurinsa, amma wurin ƙunci ne. Ya dace da abin da shago ke da gwaninta a kansa kuma kuskurensa ba ya kunyata kowa, kamar kaurin takarda ko salon rubutu ko ledar bango mai sheƙi ce ko maras sheƙi. A irin waɗannan, cewa “in ba mu ji daga gare ki ba zuwa Litinin za mu sa mai sheƙi” yana rage wa kwastoma nauyi. Bai dace da sunaye da muƙamai da ranaku da kuɗi ba. Shiru a kan waɗannan yana iya nufin waya ta lalace ko an yi tafiya, kuma wanda ya buga a kan shiru shi zai biya.

Idan wa'adin ya wuce duk da haka, abin yi shi ne a aika sabon saƙo a ranar, ba tare da ɗaci ba, a faɗi inda aka tsaya da zaɓin da ya rage, kowanne da farashinsa da sabon wa'adinsa. A misalin nan, in Litinin ta wuce babu jawabi, ranar ko-ta-kwana ita ce ta farko da za ta tafi, kuma a gaya wa Hajiya cewa an cinye ta. In Talata ma ta wuce, zaɓi ya ragu. Ana iya buga littafin babu jawabi, a cike shafukan biyu da hotunan makaranta, jawabin ya fito a takarda daban a saka a ciki. Ana iya yin aikin dare, makaranta ta ɗauki kuɗin man janareto da na ma'aikata. Ana kuma iya fitar da kwafi 100 na manyan baƙi da injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba, wanda ya fi sauri amma kowane kwafi ya fi tsada, sauran 400 su biyo bayan biki. Zaɓin na mai makaranta ne, kuma shi ma amincewa ce da ake karɓa a rubuce kafin a taɓa inji, tare da sabon jimillar kuɗi da adadin kwafin da zai isa makaranta ranar Juma'a.